Ciwon makogwaro gefe ɗaya, baki ya ƙi buɗuwa

"Ƙanina kwana 4 makogwaronsa na ciwo gefen dama, bakinsa ba ya buɗuwa sosai, miyau na zuba. Beli ne?"

Don Allah kar ku kai shi wajen wanzami, wannan ya yi kama da ƙurjin da ke tara mugunya a bayan tonsil, wato ɗan curin naman da ke gefen makogwaro, kumburin ne ke riƙe muƙamuƙi. In kin haska da tocila mai yiwuwa ki ga belin ya karkata hagu, muryarsa kamar ya cika baki da tuwo mai zafi. Ku tafi asibiti yau, likita zai kashe zafin wurin ya zuƙe mugunyar da sirinji ko ya ɗan tsaga, sannan antibayotik kamar kwana 10. In numfashi ya fara wuya ko wuyansa ya kumbura, ko tsakar dare ne ku tafi.