CBN ya rage kuɗin ruwa amma bashina bai sauka ba, in koma wajen masu kashi 5?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Singa, Kano. Farkon 2024 na ci bashin banki na shekara uku a kashi 23.75, kafin shekarar ta ƙare suka mayar da shi 32.5. Yanzu na ji a rediyo CBN ya rage kuɗin ruwa amma ban ga wani sauƙi ba, kuma ajiyata abin da suke ba ni bai taka kara ya karya ba. Wallahi abin ya dame ni. Akwai wani kamfani da ya ce zai ba ni miliyan ɗaya a kashi 5 kawai in biya bankin in huta. In karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka sa hannu a takardar nan tukuna, bari mu bi abin daki-daki.

Da ganin alƙalumanka na san irin bashin da ka ci. A farkon 2024 MPR, wato ma'aunin kuɗin ruwa da CBN ke tsayarwa, yana 18.75, bankinka ya ɗora 5 ya zama 23.75. Kwamitin da gwamnan CBN Cardoso ke jagoranta ya zauna a Fabrairu ya kai shi 22.75 tashi ɗaya, Maris 24.75, aka yi ta hawa har Nuwamba ya tsaya a 27.5. Ɗora 5 ɗinka, ga 32.5 nan. In ka ɗauko takardar da ka sa wa hannu za ka ga inda aka rubuta ruwan zai iya canzawa da yanayin kasuwa, layin da kowa ke tsallakewa don yana saurin ya ga alat. Iyaka dai ƙa'ida ce su sanar da kai kafin su canza, in ba su yi ba kana da hujjar kai ƙorafi.

Shi MPR ba farashin da za a ba ka bashi ba ne, kamar farashin sari ne. Bankin da ya wayi gari kuɗinsa sun gaza yana aro a CBN na kwana ɗaya a kan MPR da ɗan ƙari, su ma bankuna in suna ba juna aro a nan kusa suke tsayawa, takardun bashin gwamnati su ma su bi. To ka sa kanka a matsayin manajan banki, gwamnati za ta ba ka kusan kashi 20 kamar a 2024 ba tare da ka bi kowa shago ba, me zai sa ka ba ɗan kasuwar da kayansa za su iya kwantai a ƙasa da haka? Ga kuma wani abu da rediyo ba ta cika faɗa ba: daga Satumban 2024 rabin duk abin da mutane suka ajiye a manyan bankuna CBN ke riƙewa, sai bayan shekara aka sassauto zuwa kashi 45. Ragowar ne ake juyawa a biya albashi da dizal da asarar waɗanda suka ci suka gudu. CBN da gangan yake tsadar da kuɗi, don a rage cin bashi da rububin dala, farashin kaya ya lafa.

Ragin da ka ji na Satumban 2025 rabin ɗigo ne, daga 27.5 zuwa 27. A kan miliyan ɗaya naira 5,000 ke nan a shekara, ɗari huɗu da 'yan kai a wata, ko sun rage maka ba za ka ji a jikinka ba. Kuma gaskiya bankuna wajen ƙari kamar walƙiya suke, wajen ragi sai ka bi su da takarda. Ka rubuta musu.

Ajiya kuwa, ƙa'idar CBN ita ce kada asusun ajiya ya samu ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na MPR. In MPR 27 ne, kashi 8.1 ke nan a shekara, miliyan ɗaya ta kawo 81,000. Amma in ka cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata, na watan ya tafi, kuma wane ɗan Singa ne ba ya taɓa asusunsa sau huɗu a rana ɗaya? A Disambar 2024 tsadar kaya tana 34.8, ajiya na ba da 8.25, kuɗinka na ƙaruwa a waya amma buhunan da za su saya suna raguwa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ka dakata, don wannan kullum sai na yi faɗa da wani a kansa har na gaji. Kashi 5 ɗin nan na WATA ne. Na banki da na CBN na SHEKARA ne. Ba mudu ɗaya ake awo da shi ba, kuma yaran nan masu yawo kasuwa da fom a jaka sun san haka sarai, shi ya sa ba za ka taɓa jin sun faɗi na shekara ba, sai "Alhaji biyar ne kacal, banki talatin da biyu". Biyar sau goma sha biyu sittin ne. Kuma ba a nan ta tsaya ba, yawancinsu filat suke yi, wato kullum a kan asalin miliyan ɗayan suke lissafi ko da ka biya rabi.

Ɗauko kalkuleta. Miliyan ɗaya, wata 12, kashi 5 filat: ruwa 50,000 duk wata, uwar kuɗi 83,333, kana biyan 133,333. Ƙarshen shekara ka biya 1,600,000, ruwa kaɗai 600,000. A wata na ƙarshe saura 83,333 suke binka amma har lokacin 50,000 suke karɓa a kai. In aka auna shi da mudun banki ya kusa kashi 97 a shekara. Shi kuwa bankin da kake jin haushinsa, in ya cire maka rabin ɗigon nan, a kashi 32 kan abin da ya rage a wuyanka, biyan wata bai kai 98,500 ba, ruwan shekara duka wajen 182,000. Ka ga za ka bar mai karɓar 182,000 ka koma wa mai karɓar 600,000 kana murna ka samu sauƙi, an gudu ba a tsira ba. Ban ma sa kuɗin fom da inshora da suke zarewa tun kafin kuɗin su shigo hannunka ba.

Na taɓa zama da wani mai sayar da taliya da ya yi irin wannan, ya zo min da takardar a ninke cikin aljihun gaba duk ta jiƙe da gumi, muka buga lissafin a bayan rasit, ya daɗe yana kallon 600,000 ɗin sannan ya ce shi fa biyar aka ce masa. Biyar ɗin ce kuwa a rubuce, da "duk wata" a ƙananan baƙaƙe a gefe. Kuma wannan rashin bambance wata da shekara shi ne dai ƙofar da masu "kawo kuɗinka mu ba ka kashi 20 duk wata" suke shigowa ta ita, tun zamanin MMM a 2016 har CBEX a 2025. Gwamnatin tarayya da kanta ba ta biyan kashi 30 a shekara, wani yaro mai ofis ɗaki ɗaya ya ce zai biya 240, kuma manyan mutane da furfura su kai masa!

Na san wani zai ce duk riba ce a bar ta, wannan hukuncin na malamai ne. Abin da zan ƙara ta fannina, bankuna irin su Jaiz da TAJ in za su sayar maka da kaya ta murabaha su ma suna duba tsadar kuɗi a kasuwa kafin su yanka ribarsu, amma da zarar an ƙulla ciniki farashin ya zauna, ko CBN ya ƙara ba zai taɓa ka ba.

Ka koma wajen kamfanin ka ce su rubuta maka abu biyu: nawa zai shigo asusunka a ranar farko, nawa za ka biya jimilla zuwa ranar ƙarshe. Ka je bankinka su ma su buga maka jadawalin abin da ya rage, ka tambaya ko akwai tara in ka biya da wuri, sannan ka ajiye takardun biyu gefe da gefe.