Yadda za a rubuta wa manaja dalilin zarce kasafi

"Kasafin reshenmu na Sabon Gari a wata uku naira 900,000 ne na dizal, amma mun kashe 1,320,000. Me zan rubuta wa manaja?"

Malam, kada ka tsaya ga cewa tsada ce kawai, domin rarar naira 420,000 da kuka kashe fiye da kasafin tana da tushe biyu, kuma manaja zai so ya ga kowanne daban. A ce an yi kasafin lita 900 a kan naira 1,000, sai kuka sayi lita 1,100 a kan naira 1,200. Bambancin farashi shi ne naira 200 sau lita 1,100 da aka saya, wato 220,000. Bambancin yawa kuma lita 200 ne sau tsohon farashi, wato 200,000. Idan jimillarsu ba ta zo daidai da rarar ba, mai yiwuwa akwai rasidin da ya ɓace ko wanda aka shigar sau biyu.

A takardar, ka fara da adadin rarar a jumlar farko, sannan ka kawo kason biyu. Na farashi ba ya hannunku, layi ɗaya ya ishe shi. Na yawan nan ne za a tuhume ku, saboda haka ka haɗa da littafin da mai gadi ke rubuta awannin janareta, ya nuna ranakun da aka ɗauke wuta. In awannin ba su ƙaru ba alhali litoci sun ƙaru, ka faɗi haka ƙarara, ka nemi a duba injin da tankin.