Wane mataki na ladabi zan bi a takardar sanarwar kamfani?

Tambaya: An ba ni sanarwar dokokin kamfani da Turanci in mayar da ita Japananci don ma'aikata. Na cika ta da kalmomin girmamawa, sai wani abokin aiki ya ce ta yi kama da wasikar kwastoma. Ina na kuskure?

Amsa: Dan uwa, abokin naka ya yi gaskiya. Ma'aikata 'yan gida ne, abin da Japanawa ke kira uci, kwastoma kuwa na waje ne, wato soto. A rubutun da kamfani ke fitarwa, harshen kaskantar da kai da na daukaka mai karatu an fi tanadar su ne domin na waje. Idan kamfani ya rika rusunawa ma'aikatansa haka, umarnin sai ya rasa karfinsa, wani ma ya dauka zabi aka ba shi.

Ka tsaya a matsakaicin ladabi, mai karewa da です da ます. Dauki jimlar da ta ce dole a mika takardar neman hutu kafin ranar 25 ga wata. Ka rubuta 提出してください, wato "ku mika", ko 提出をお願いします idan kana son ta dan yi laushi. Amma ご提出いただけますと幸いです na nufin "za mu ji dadi in kun mika", kuma a nan wajibcin ya bace. Wannan ne kuskuren da ya fi ba ni haushi, domin wanda ya makara yana da hujja a hannunsa.

Ambaton kamfanin ma haka: in za ka ce "kamfaninmu", ka sa 当社, kada ka sa 弊社, wanda ake fada wa na waje. Ka bude da 社員各位, wato "zuwa ga dukkan ma'aikata", ba tare da kara kalmar girmamawa ta 様 ba, girmamawar tana cikin 各位.

In akwai sassan dokar da aka jera da lamba, su ana rubuta su da salon である, ba ladabi ko kadan. Kada dai ka cakuda salon biyu a sakin layi daya.