Ƙanen mijina ba ya ji sosai, yaya zan riƙa yi masa magana?

Tambaya: "Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata biyu da tarewata a unguwar Zariya, nan Maradi. Ƙanen mijina yana zaune da mu, kunnensa ba ya ji sosai. In na ɗaga murya sai ya ɓata rai, in na yi a hankali ba ya ji. Har na fara gudun haɗuwa da shi. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni ma ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda sanƙarau ta taɓa wa kunne a annobar 1995 yana ɗan shekara bakwai. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama ya rage kaɗan. Da yake ya riga ya iya magana kafin ciwon, yana magana, sai dai rabin jinsa da ido yake yi.

Ki fara barin ihun. Yawancin masu irin wannan lalura ba ƙarar murya ce ke kuɓuce musu ba, siraran sautuka ne irin su s, sh, ts da f. Yana jin kina magana, amma kalmar tana iso masa a gutsure. In kika yi ihu, wasulan da yake ji da ma su ne ke ƙara ƙarfi, bakinki kuma ya sauya kama, ya kasa karanta shi. Wasu ma ƙara mai ƙarfi zafi take yi musu a kunne. Ga shi fuskar mai ihu kamar ta mai faɗa ce, to ba dole ya ɓata rai ba?

Ki matso kamar taku biyu daga gare shi, ta ɓangaren kunnen da ya fi ji (ki tambaye shi wanne ne, ba abin kunya ba ne), ki bari ya kalle ki kafin ki buɗe baki. Haske ya zama a fuskarki. In kika tsaya a bakin ƙofa rana tana bayanki, inuwa kawai yake gani. In an ɗauke wuta, taki fuskar za ki haska da fitilar waya, ba tasa ba. Ki janye mayafi daga baki, ki rage rediyo, sannan ki yi magana yadda kika saba, ki ɗan sassauta kawai.

Amma fa leɓe ba ya nuna komai. Je gaban madubi ki ce "bari", "mari", "ɓari", za ki ga bakinki iri ɗaya yake motsi. "Kashi", "gashi" da "ƙashi" kuwa can cikin baki ake bambanta su, ido ba ya kai wa. Shi ya sa in bai gane ba sau biyu, maimaita kalmar nan ɓata lokaci ne. Sauya ta. Kuma ki fara da kan zancen: "maganar kasuwa ce", sannan sauran.

Na taɓa jin jiki a kan wannan. Wata sallah na aiki ƙanena babbar kasuwa ya kai wa tela cikon kuɗin ɗinki. Da magariba ne, a zaure, ina sauri. Na miƙa masa takardar jika biyar na ce ya ba shi jika biyu. Ya gyaɗa kai. Ya dawo babu canji, na hau shi da faɗa. Ashe "biyu" da "biyar" farkonsu ɗaya ne a leɓe, ƙarshen kuma duhu ya cinye. Daga baya ya ce mini gyaɗa kan da yake yi sau da yawa gajiya ce da cewa "me kika ce?". Tun ranar, kuɗi da lokaci da sunan magani, ko in nuna da yatsu ko in rubuta masa a waya.

In shi ne ke magana kika kasa ganewa, kar ki yi dariyar yaƙe ki ce "to". Suna ganewa sarai. Maimaita masa abin da kika kama: "Ka ce gobe za ka je ina?" Sai ya cike gurbin kawai, ba sai ya sake daga farko ba. In muryarsa ta yi sama, ba rashin kunya ba ne, ba ya jin kansa ne. Ki yi masa alama da hannu a sirrance.

Abin da ya fi ci wa ƙanena rai shi ne a yi dariya a tsakar gida, ya tambayi me aka ce, a ce masa "ba komai, ƙyale". Ko a tambayi wani "ya ci abinci?" alhali ga shi zaune. Ki kiyaye waɗannan biyun, ki kira shi da sunansa, ki hana yara ce masa kurma ko jifansa da tsakuwa don ya waiwayo. In yana ba ki baya, zagayo gabansa, ko ki aiki yaro ya ɗan taɓa kafaɗarsa. Gobe da safe ki gwada da gaisuwa, tunda ya san abin da za ki ce tun kafin ki faɗa.