Kada ka sayi sabuwar laftof saboda waifai

"Malam, ɗan ƙanwata ya taɓa rawutar shago, na'urar da ke ba mu waifai, wai ya ƙara mata tsaro. Tun ranar laftof ɗin da nake lissafi da ita ta ƙi karɓar kalmar sirrin waifai, alhali wayoyinmu duk suna hawa da ita. Yau kwana huɗu. In sayi sabuwa ne?"

Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu. Laftof ɗinka lafiyarta lau. Kuskurenka ɗaya ne: ka bar yaro ya shiga saitin na'urar da cinikinka ya rataya a kanta, ba ka tambaye shi me ya sauya ba, bai kuma rubuta ba. Da littafin bashi ne, za ka miƙa masa ya yi gyara a bayan idonka?

Kusan tabbas daga WPA2 ya mayar da ita WPA3, sabon tsarin tsaron waifai da ya fito a 2018. Windows ba kalmar sirri kaɗai take ajiyewa ba, har da irin tsaron da ta tarar ranar da kuka fara haɗa su. To, tana zuwa da tsohuwar sallama, rawuta ta ƙi amsawa, ita kuma ta ɗora wa kalmar laifi. Ko sau ɗari ka sake bugawa, aikin banza ne.

Fara da sa laftof ɗin ta manta da waifai ɗin. Buɗe Command Prompt, wurin buga umarni a Windows, ka buga wannan, ka sa sunan waifai ɗinka a madadin SunanWaifai:

```
netsh wlan delete profile name="SunanWaifai"
```

Sai ka sake haɗawa kamar baƙo. Sau da yawa a nan magana take ƙarewa, cikin minti biyar. In ta sake ƙi, buga wannan:

```
netsh wlan show drivers
```

Duba jerin da zai fito. In babu WPA3-Personal, katin waifai ɗin da ke cikinta bai iya sabon yaren ba. Wani lokaci sabunta manhajar katin kan warware, amma in ya tsufa sosai, sai haƙuri.

Na taɓa ganin wani mai sayar da kaya a sari da ya ƙi jin wannan. Ya sayi sabuwar laftof, ta hau waifai, yana ta murna. Washegari firintar rasit ta ƙi, don ita ma WPA2 kaɗai ta sani. Mako guda yana rubuta rasit da hannu, mutumin da kullum zancensa buɗe rassa uku! Daga ƙarshe saitin rawuta ɗin dai aka koma.

Don haka kira yaron ya zauna kusa da kai. Ku shiga shafin rawuta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ku zaɓi WPA2/WPA3 a haɗe. In tsohon katin ya ƙi wannan ma, ku koma WPA2 mai AES. Kada ka yarda a sa WEP, tsohon tsarin tsaro mai rauni, ko a bar ta ba kalmar sirri don sauri, bayanan kuɗinka ta nan suke bi. Kafin ya tashi, ya rubuta maka saitin da ranar a littafin shago, sannan ka sauya kalmar shiga rawutar kanta da hannunka.