Kwanan wata ya rikice a lissafin bashi, ta ina za a fara gyara?

Tambaya: Salam Malam, ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, muna rubuta bashi a Excel. Ni ina rubuta 04/03/2024, yarona na rubuta "4 ga Maris", wani fayil kuma wata ne a gaba. In na ce ta jera min sai komai ya cakuɗe, har na bar wani bashi ya wuce lokacinsa. Ya zan mai da su iri ɗaya?

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin ka taɓa komai yi kwafin fayil ɗin ka ajiye gefe, don gyaran kwanan wata in ya karkace babu alamar da zai nuna maka.

Tsarin da nake so ka koma shi ne shekara, wata, rana, wato 2024-03-04. Sunansa ISO 8601, tun 1988 aka fitar da shi, kuma na fi son shi ne don ba mai karanta shi ta fuska biyu, ko sunan fayil ka sa shi da kansa zai jeru daga tsoho zuwa sabo.

Amma fa inda matsalar take, Excel ba rubutu take ajiyewa ba, lamba take ajiyewa, tana ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu 1900. 4 ga Maris 2024 a wajenta 45355 ne. To da yawa daga cikin kwamfutocin da muke saya na hannu suna zuwa da saitin Amurka, wata a gaba, sai ka buga 04/03/2024 kana nufin 4 ga Maris ita kuma ta ɗauka 3 ga Afrilu ne ta ajiye 45385, a ido kuma ba abin da ya canza. A ce kwastoma ya ɗauki kayan naira 850,000 ranar a kan zai biya bayan kwana 30, kuɗinka ya kamata su shigo 3 ga Afrilu, amma lissafi zai ce maka sai 3 ga Mayu. Wata guda cur kuɗinka na hannun wani kai kuma ga kaya na jiran a biya, wallahi abin da ciwo.

Yadda za ka gane, faɗaɗa layin kwanan watan ka duba da kyau. Wanda Excel ta karɓa a matsayin kwanan wata yana manne wa dama, wanda ta kasa ganewa yana zama a hagu. 25/03/2024 zai zauna a hagu tunda babu wata na 25, waɗannan ma da sauƙi, sun tona kansu. Waɗanda nake tsoro su ne na dama masu rana daga 1 zuwa 12, su ne aka juya a ɓoye. Kuma canza musu kamanni a Format Cells kaɗai ba ya gyara su, lambar da ke ciki tana nan a karkace.

Don haka kar ka yi musu gyaran jimla. Raba su bisa wanda ya rubuta, naka daban, na yaronka daban, na wancan fayil daban, kowanne ka nemo kwanan wata ɗaya mai rana sama da 12 shi zai faɗa maka tsarin mai rubutun. Ga naka da aka buga rana a gaba a kwamfuta mai saitin Amurka, buɗe sabon layi a gefe ka sa wannan ka ja shi ƙasa, a ce kwanan watanka daga gidan A2 suka fara:

```
=IF(ISNUMBER(A2),DATE(YEAR(A2),DAY(A2),MONTH(A2)),DATE(RIGHT(A2,4),MID(A2,4,2),LEFT(A2,2)))
```

In lamba ce ya musanya rana da wata, in rubutu ne ya yanka shi ya haɗa daidai. Sharaɗinsa rana lamba biyu, wata lamba biyu, shekara huɗu, 25/3/24 ba zai yi ba sai ka cike shi. Kar ka kuskura ka sa shi a kan fayil ɗin da dama can wata ne a gaba, lalata shi za ka yi, wannan ka bar shi yadda yake.

Na yaronka kuwa Excel ba ta san Maris ko Afrilu ba, hannu za a sa. In suna da yawa yi amfani da Ctrl+H ka maye "ga Maris" da March, haka wata ɗaya bayan ɗaya, amma ka lura da waɗanda bai sa shekara ba, don in ka bar su haka Excel shekarar da muke ciki za ta liƙa musu. Wanda duk ka rasa gane shi, irin 05/06 da ba a san wa ya rubuta ba, kar ka yi canke, koma kan rasit ko alat ɗin banki na ranar, in babu ka sa masa jan launi ka kira mai bashin.

In sun gama haɗuwa sai ka zaɓi sabon layin, Format Cells, Custom, ka buga yyyy-mm-dd. Sannan ɗauki rasit goma ka gwada da abin da ya fito, ka tabbata akwai na farkon wata a ciki tunda nan ne ɓarnar take. Daga gobe kuma kowa a shagon ya riƙa buga 2024-03-04 kai tsaye, wannan ko saitin kwamfutar na ina ne Excel daidai take karanta shi, tsohon layin kuma bar shi a gefe kar ka goge, ranar da kwastoma ya yi gardama shi za ka buɗe.