Asalin sifili: Larabawa ne ko Indiyawa?

Tambaya: "Don Allah, wa ya ƙirƙiro sifili? A makaranta an ce mana lambobin nan na Larabawa ne."

Ɗan'uwa, Larabawa sun yaɗa su, amma tushensu Indiya ne. Su kansu malaman Bagadaza lissafin Hindu suke kiransa.

Abin da ya fi burge ni shi ne gurbi. Duba 205. Biyun nan ɗari biyu ce saboda inda ta zauna, sifilin kuma yana tsare gurbin gomomi. Cire shi, sai kuɗinka su koma 25. Mutanen Babila sun daɗe da alamar gurbin da ba kowa, sai dai ba su ɗauke ta lamba ba. A shekarar 628 masanin lissafi na Indiya Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin tarawa da ɗebewa da sifili, kamar kowace lamba. Wajen rabawa ne ya yi tuntuɓe, ya ce sifili a raba da sifili sifili ne, wanda ba haka ba ne.

Wajen shekarar 825 malamin lissafi Alkhawarizmi ya bayyana tsarin lambobin Indiya a Bagadaza. Kalmar "shunya" ta Sanskirit, tsohon harshen Indiya, wato wofi, ta zama "sifr" a Larabci, inda muka samo sifili. Fibonacci, masanin lissafi ɗan Italiya, ya koyi tsarin a Bijaya ta Aljeriya, ya rubuta wa 'yan kasuwar Italiya littafi a 1202. Ba nan take aka karɓa ba, don a 1299 ƙungiyar 'yan canjin Florence ta hana amfani da lambobin a littafin ciniki.

Kada ka haɗa da sifilin mutanen Maya na Amurka ta Tsakiya, nasu daban ya taso. Shekarun rubutun Bakhshali kuwa, wani tsohon littafin lissafin Indiya mai alamar sifili, ana gardama a kansu, wannan sai malaman tarihin lissafi a jami'a.